Hutun kwana uku da ƙaramin kuɗi: littafin shirin tafiya

Litinin, 2 ga Satumba

Hutun da ake shiryawa zai kama daga Asabar 12 ga Oktoba zuwa Litinin 14, wadda ranar hutu ce ga kowa. Mu huɗu ne, duk maza, kuma kowa zai zuba kuɗi daidai da ɗan uwansa. Domin lissafin ya amfani kowa ko da wane irin kuɗi yake kashewa, za a riƙa ƙirga asusun a matsayin kaso 100, wato kaso 25 a kan kowane mutum.

Rabon farko shi ne sufuri 30, masauki 34, abinci 18, shiga wurare 8, sai ajiya 10 wadda ba za a taɓa ba sai an tashi. Abu na farko da ya kamata a gane shi ne hutun kwana uku dare biyu ne kawai ake biya. Duk wanda ya ce a tashi tun daren Juma'a ya ƙara dare na uku, kuɗin masauki ya hau da rabinsa, kuma abin da za a samu a madadin haka barci ne a wani gado bayan an sha cunkoson fita gari. Mun yanke a tashi da sassafen Asabar.

An kuma rubuta ƙa'ida ɗaya kowa ya amince da ita: wanda ya fasa tafiya bayan an biya wani abu, shi zai ɗauki nauyin duk abin da ba a iya dawowa da shi daga kasonsa. A yau ba wanda yake ganin za a buƙace ta, shi ya sa ma yau ce ranar da ta fi sauƙin amincewa da ita.

Alhamis, 5 ga Satumba

Zaɓen wuri. An kawo garuruwa uku: wani a bakin tafki mai nisan kilomita 90, wani a gindin tsauni mai nisan 180, da wani a bakin teku mai nisan 420.

Kafin a yi maganar kuɗi sai da aka auna lokaci, domin shi ne ba ya ƙaruwa. Daga ƙarfe 6 na safiyar Asabar zuwa 6 na yammacin Litinin awa 60 ne. A cire awa 16 na barcin dare biyu, saura 44. Waɗannan awoyi 44 su ne ainihin hutun, kuma ma'aunin da muke bi shi ne kada hanya ta ci fiye da rubu'insu, wato awa 11 zuwa da dawowa.

Lokacin hanya kuwa ba shi ne wanda aka rubuta a jikin tikiti ba. Daga ƙofar gida ake fara ƙirgawa har zuwa ƙofar masauki: fita daga unguwa zuwa tasha, zaman jira, tafiyar kanta, sannan daga tasha zuwa inda za a kwana. A babban birni, tsallake garin kaɗai yakan ci awa guda. Da wannan ma'auni, garin bakin teku ya kama awa 9 kowace fuska, 18 ke nan cikin 44, kusan rabin hutun a kan kujerar mota. An ajiye shi gefe ba tare da gardama ba. Garin tsauni awa uku da rabi ne a bas, awa 5 ƙofa zuwa ƙofa, 10 zuwa da dawowa. Garin tafki awa 3 ne kowace fuska.

A takarda garin tafki ya fi, amma kusancinsa ne matsalarsa. Shi ne inda duk birnin yake kwarara idan an samu dogon hutu, kuma masu masaukin can sun san haka. Daga cikin wurare shida da aka duba, huɗu sun ce sai an kama aƙalla dare uku, sauran biyun kuma farashinsu na waɗannan ranaku ya kusa ninka na ranakun aiki. Garin tsauni ya ɗan wuce zagayen da mutane ke cika. Shi aka zaɓa.

Litinin, 9 ga Satumba

Motar gida ko bas? Ɗaya daga cikinmu yana da ƙaramar mota da ke shan kimanin lita 8 a kowace kilomita 100. Zuwa da dawowa kilomita 360 ne, a ƙara 60 na zirga-zirga a can, ya zama 420. Sai a ninka 420 sau 8 a raba gida 100, ya ba da lita 33.6. Mota mai ɗauke da mutum huɗu da jakunkuna, ga iyakwandishan a kunne, ga tsaye-tsaye a cunkoso, ba za ta tsaya a nan ba, don haka aka ƙara kashi goma cikin ɗari, aka rubuta lita 37. A farashin yau man ya kama kaso 19, kuɗin tolget zuwa da dawowa 3, fakin na dare biyu 2. Jimla 24.

Bas kuwa tikitin zuwa da dawowa yana kan kaso 6 kowane mutum, 24 ke nan. Amma sai an ƙara 4 na zuwa tasha da komawa gida a cikin birni, da wasu 2 na abin hawa a can. Jimla 30.

Mota ta fi sauƙi da kaso 6. Dalilin a bayyane yake: kuɗin mota kusan ɗaya ne ko mutum ɗaya ne a ciki ko huɗu, na bas kuma yana hawa da kowane kai. A wannan nisan, wajen mutum uku ne lissafin biyu ke haɗuwa; ƙasa da haka bas ya fi araha, sama da haka mota. An tsaya a kan mota, da sharaɗin bakanike zai duba ta cikin makon nan.

Laraba, 11 ga Satumba

Ba a kai motar gareji ba tukuna. Mutum biyu sun zuba kasonsu.

Asabar, 14 ga Satumba

Yau aka zauna kan masauki, kuma nan ne aka kusa yin kuskure mafi tsada a duk shirin.

A manhajar neman masauki an ga wani gida mai ɗaki biyu da kicin a kan kaso 11 kowane dare. Dare biyu 22, ƙasa da kasafinmu da 12. Sai da aka kai shafin biya na ƙarshe sannan sauran suka fito: kuɗin shara da wanki 6, ladan manhaja 4, haraji 2. Farashin ya koma 34. Kuɗin sharar nan sau ɗaya ake biyansa ko dare biyu aka yi ko goma, shi ya sa yake danne mai gajeren zama. Wanda zai yi mako guda ba zai ji shi ba, mu da za mu yi dare biyu ya ƙara mana fiye da rubu'in kuɗin ɗakin. Don haka ba a kwatanta masaukai da lambar da ke kan hoto, sai da lambar da ke kusa da maɓallin biya.

Duk da haka 34 yana cikin kasafi, kuma da tuni an biya. Abin da ya tsayar da mu shi ne da aka saka adireshin a taswira. Tallar ta ce gidan yana "kusa da tsakiyar gari", taswira ta ce kilomita 14 ne, a hanyar da ba bas ɗin haya. Idan muna da mota wannan ba komai ba ne. Idan motar ta ƙi, to kowace fita sai tasi a kan kaso 3. An ƙirga fita shida mafi ƙaranci: daga tasha zuwa gidan, zuwa gari da dawowa ranar Asabar, zuwa da dawowa ranar Lahadi, sai komawa tasha ranar Litinin. Kaso 18 ke nan a kan 34, gidan da aka gani a 22 ya zama 52. Araha ba ta ado.

Na biyun ƙaramin gidan baƙi ne mai nisan mita 900 daga tasha. Ɗaki mai gado biyu kaso 9 ne a dare, da haraji da karin kumallo a ciki. Ɗaki biyu, dare biyu, 36. Ba kicin, amma akwai ƙaramin firij da butar dafa ruwa a kowane ɗaki. Ya haura kasafi da 2, sai dai karin kumallon mutum huɗu sau biyu ya fi ƙarfin kaso 2 nesa ba kusa ba, don haka aka ciro su daga abinci.

Farashi biyu suka bayar: 33 idan an biya yanzu ba dawowa, 36 idan ana so a iya sokewa ko a canja kyauta har zuwa awa 72 kafin ranar shiga. An yi ɗan jayayya a nan. A ganina, idan saura wata guda kuma mutane sun kai huɗu, wannan kaso 3 ba asara ba ne, kuɗin tsaron kaso 33 ne, domin tsakanin mutum huɗu da iyalansu da wuraren aikinsu da wuya wata ya wuce ba abin da ya motsa. An ɗauki na 36.

An kira su a waya, ba a tsaya ga manhaja ba. Ana ba da ɗaki ƙarfe 2 na rana, ana fita ƙarfe 11 na safe, kuma sun yarda su ajiye jakunkuna kyauta kafin shiga da bayan fita. An nemi su turo wannan a rubuce, sun turo.

Talata, 17 ga Satumba

Kasafi yanzu: sufuri 30, masauki 36, abinci 16, shiga wurare 8, ajiya 10. Har yanzu ba a duba mota ba, mai ita aiki ya riƙe shi.

Asabar, 21 ga Satumba

An kai motar gareji. Injin lafiya, birki lafiya, ruwan lagireto da baƙin mai daidai. Tayoyin baya ne matsala. Zanensu bai cinye ba, shi ya sa ido bai kama ba, amma gefensu ya yi ƙananan tsaga kamar busasshiyar ƙasa. A jikin kowace taya akwai layin rubutu da ke farawa da DOT, kuma lambobi huɗu na ƙarshe su ne makon da shekarar da aka yi ta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Na waɗannan sun nuna sun haura shekara takwas. Roba tana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa, kuma tayar da ke jure kai-kawo a cikin gari ba ita ce za ta jure awa uku tana gudu da zafi da cikakken lodi ba. Safayar ma ba iska a cikinta.

Sabbin taya biyu sun kama kusan kaso 30. Gaskiya ne ba kuɗin tafiya ba ne, kuɗin motar ne, amma dole daga aljihun wani za su fito kafin ranar 12, kuma mai motar ya ce sai ƙarshen Oktoba zai iya. Ba wanda ya kawo shawarar a tafi a haka. An koma bas.

Kuskuren ba a tayoyin yake ba, a jerin aikin yake. An ɗora duk shirin sufuri a kan abin da ba a tabbatar ba, aka bar shi kwana goma sha biyu. Duba mota aikin awa ɗaya ne da ya kamata a yi tun ranar da aka kawo sunanta. Abin da ya rage zafin shi ne zaɓen masaukin kusa da tasha. Da gidan kilomita 14 aka kama, da yau asusun ya karye.

Talata, 24 ga Satumba

Ga abin da jinkirin ya jawo. Tikitin da yake kaso 6 zuwa da dawowa ranar 9 ga wata ya tashi. Na zuwa, bas ɗin ƙarfe 7 na safiyar Asabar, yana kan 3 da rabi, kuma akwai kujeru da yawa. Na dawowa ne ya yi wuya. Bas ɗin ƙarfe 3 da na 5 na yammacin Litinin duk sun cika.

Haka abin yake a kowane dogon hutu. Mutane suna fita a warwatse, wasu daren Juma'a, wasu safiyar Asabar, wasu da rana, amma kusan kowa a yammaci ɗaya yake son dawowa. Saboda haka kujerar dawowa ce ke fara ƙarewa, kuma ita ya kamata a fara saye, sannan a gina sauran a kanta.

Biyu suka rage: na 12:30 na rana a kan kaso 4, da na 8:45 na dare a kan 3. Na daren yana da daɗin gani, ya fi araha kuma yana ba da cikakken yini. Amma zai shiga birni ƙarfe 12:15 na dare idan hanya ta yi kyau, lokacin da motocin haya na gari sun tashi aiki. Mu huɗu unguwa huɗu muke, kowa sai ya ɗauki tasi shi kaɗai a kan kimanin 2 da rabi. Wato tikitin 3 ya zama 5 da rabi, na ranar kuma 4 da rabi har gida. Ga kuma aiki da safiyar Talata. An sayi na 12:30.

Tikiti huɗu zuwa da dawowa sun ci 30, a ƙara 4 na cikin birni, sufuri ya zama 34. An haura da 4. Ba a taɓa ajiya ba, domin ajiyar da aka cinye tun a gida ba ajiya ba ce. An ciro 2 daga abinci, 2 daga shiga wurare. Yanzu: sufuri 34, masauki 36, abinci 14, shiga wurare da abin hawa a can 6, ajiya 10.

Mutum na huɗu ya cika kasonsa yau. Nan gaba, ranar zuba kuɗi ta riga ranar fara nema, don kada wanda ke riƙe da asusu ya riƙa ranta daga aljihunsa.

Juma'a, 27 ga Satumba

Tsarin ranakun. Abu babba ɗaya a kowace rana, ba fiye ba. Wurare biyu ne ke da kuɗin shiga: gidan tarihin garin, rabin kaso kowane mutum, da magangarar ruwa da ke bayan tsaunin, ita ma rabin kaso. Zuwa bakin hanyar magangarar kilomita 7 ne, an ware 2 na tasi zuwa da dawowa. Kasuwa da tsohuwar unguwa da hawa tudun da ake hango gari duk kyauta ne, da ƙafa ake zuwa.

Da farko an sa gidan tarihi safiyar Litinin. Da aka duba jadawalinsu sai ga shi ba sa buɗewa ranar Litinin, kamar yadda gidajen tarihi da yawa suke yi. An mayar da shi Asabar, a tsakanin saukarmu ƙarfe 10:30 da ba da ɗaki ƙarfe 2, lokacin da dama ba mu da wurin zama.

Litinin, 30 ga Satumba

Abinci, kaso 14. Maimakon a ce "za mu tsimi", an ƙirga cin kansa. Karin safiyar Asabar a gida ne. Daga nan sau bakwai za a ci: rana da dare ranar Asabar, sau uku ranar Lahadi, safe da rana ranar Litinin. Biyu suna cikin kuɗin ɗaki, saura biyar.

Abincin ranar Asabar daga gida za a ɗauko. Na ranar Lahadi a jaka za a tafi da shi tsauni, na Litinin kuma a ci kafin shiga bas; an ware 4 don sayayyar waɗannan ukun. Daren Asabar wuri mai sauƙi, 3. Daren Lahadi a zauna a ci mai kyau, 5, kuma wannan da gangan ne: idan an matse kowane cin abinci, a rana ta biyu wani zai gaji ya kashe kuɗi ba tsari. Ragowar 2 na ruwa da shayi ne.

Ruwa yana cin kuɗi a ɓoye idan ana sayen ƙananan gorori a tasha da bakin wuraren shaƙatawa. Kowa zai zo da gorarsa, a sayi manyan jarkoki a kanti kusa da masauki a riƙa cikawa, aƙalla lita biyu ga mutum a yini, uku ranar hawa tsauni. Dafaffen abinci mai saurin lalacewa kuma ba a barinsa fiye da awa biyu ba sanyi. Na ranar Asabar zai yi kusan awa shida tsakanin gida da ci, don haka zai shiga ƙaramar kula, da gorori biyu da aka daskarar tun dare a madadin ƙanƙara. Idan sun narke a sha.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Ɗaya daga cikinmu ya fasa, an canja masa ranakun aiki. Asusu ya sauka daga 100 zuwa 75, amma ba duk kuɗin da ake kashewa ne ya sauka tare da shi ba. Tikiti da abinci da kuɗin shiga suna bin kai. Ɗaki da tasi ba sa bi. Da an bar ɗakuna biyun yadda suke, lissafin mutum uku zai zama sufuri 25 da rabi, masauki 36, abinci 11, shiga wurare 5, jimla 77 da rabi. Ya wuce asusun tun kafin a yi maganar ajiya.

A bisa ƙa'idar 2 ga Satumba, wanda ya fasa zai bar kaso 9 na gadonsa. Amma kafin a kai nan sai aka kira gidan baƙin, tunda saura kwana tara kuma canji kyauta ne. Suna da ɗaki guda mai gado uku a kan 14 a dare, 28 ke nan. An soke biyun aka kama shi, aka karɓi sabuwar shaida a rubuce kafin a saki tsohuwar. Wannan jerin yana da muhimmanci: ba a sokewa sai sabon ya tabbata, don a irin wannan mako ɗakin da aka saki ba ya kwana.

Kamfanin bas ya dawo da 6 cikin 7 da rabi na tikitinsa. An mayar masa da 23 da rabi cikin 25 ɗinsa, ba wanda ransa ya ɓaci. Da farashin 33 mara dawowa aka ɗauka, da yau ko shi ya yi asarar fiye da kaso 8, ko mu ukun mu raba ta.

Sabon kasafi a kan 75: sufuri 25 da rabi, masauki 28, abinci 11, shiga wurare 5, ajiya 5 da rabi. Ajiyar ta yi ƙasa da yadda ake so, ya kamata ta kai 7 da rabi, amma ba inda za a ƙara yankewa ba tare da an ji a jiki ba.

Asabar, 5 ga Oktoba

A cikin sabuwar takardar masaukin an ga layin da ya wuce mu a ta farko: ranar shiga za su riƙe kaso 5 a katin banki a matsayin jingina. Ba cirewa suke yi ba, amma kuɗin ba ya taɓuwa har sai banki ya sake shi, kuma hakan kan ɗauki kwanaki bayan an fita. Da a katin asusun tafiya aka riƙe, da ajiyarmu ta daskare gaba ɗaya saura rabin kaso. An shirya ɗaya daga cikinmu ya ba da katinsa na daban don jinginar, ajiyar kuma a cire ta tsabar kuɗi, da canji ƙanana, a raba ta aljihu biyu.

Litinin, 7 ga Oktoba

Yanzu ne hasashen yanayi ya fara amfani. Wanda ya wuce mako guda ba abin dogaro ba ne, na kwana biyu zuwa uku kuma shi ake yanke shawara da shi. Yana nuna ruwan sama da yammacin Lahadi. Za a sake dubawa Alhamis.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Hasashen bai canja ba, ruwa daga wajen ƙarfe 2. Za a tafi magangara ƙarfe 8 na safe a sauko kafin 1, don duwatsun irin wannan hanya suna santsi da zarar sun jiƙe.

An sauke taswirar garin a wayoyi biyu don ta yi aiki ba intanet. An ɗauki hoton tikiti da takardar masauki, an kuma buga su a takarda. Jaka ɗaya ta goyo ga kowa, wadda za a iya tafiyar mita 900 da ita: kaya kala biyu bayan na jiki, takalmi mai kama ƙasa a ƙafa, rigar ruwa, maganin da kowa ke sha, filasta, fitila. Fawa banki mai 10,000 mAh guda ɗaya, wanda ke cika waya kamar sau biyu, ya isa tunda akwai wuta a masauki. An bar wa wani a gida sunan masaukin da lokacin dawowa.

Juma'a, 11 ga Oktoba

An saka gorori a firiza, an yi sayayya. Haɗuwa a tasha 6:20.

Talata, 15 ga Oktoba

An je an dawo. Bas ɗin Asabar ya ɓata minti 50 a bakin fita gari, aka sauka 11:20 maimakon 10:30. Ba abin da ya rushe, domin ba a ɗaura komai mai ƙayyadadden lokaci a safiyar ba. An ajiye jakunkuna, an shiga gidan tarihi, an ci abincin kula wajen ƙarfe 1 kuma gororin ba su gama narkewa ba.

Wuri ɗaya aka yi ɓarin kuɗi. Tasin da ya kai mu bakin hanyar magangara kaso 1 ya karɓa, kamar yadda aka lissafa, amma ba a yi ciniki da shi ya dawo ya ɗauke mu ba. Da aka sauko 12:40 hadari ya haɗu, waya ba sabis, mota ɗaya ce a wurin kuma mutane sun fi goma suna jira. Ya nemi 2 da rabi aka ba shi. A wurin da mota ke kai mutane amma ba ta zama, zuwa da dawowa ake cinikinsu tare tun a gari, a tsayar da lokaci, a karɓi lambar direba, a bar rabin kuɗin sai ya dawo.

Daga ajiya an kashe 1 da rabi a nan, rabin kaso a kan kuɗin banɗaki a tasha da shayin da aka sha ana jiran ruwa ya ɗauke, sai 1 da abincin daren Lahadi ya haura saboda an ƙara ladan hidima a kan rasit. Jimla 3. An kashe 72 da rabi cikin 75, saura 2 da rabi. Bas ɗin 12:30 ya riga cunkoson dawowa, kowa ya shiga gida kafin 5:30.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Banki ya saki jinginar kaso 5 yau, kwana huɗu bayan fita. An raba ragowar 2 da rabi gida uku. Mai mota ya ce zai canja tayoyin mako mai zuwa. Idan an duba su an gamsu, za a sake auna garin tafki a wani ƙarshen mako da ba na hutun gama-gari ba, a ga ko sharaɗin dare uku yana nan.